Yaya Sai-Na-Duba da Memorinsa

Yayana mai wanki da guga ne, kuma tun da na buɗe ido na san shi ban taɓa jin an faɗa masa magana ya ce "to" ba. Ko ce masa ka yi ana ruwa a waje, sai ya miƙa hannu ta taga. Shi ya sa duk layinmu ba mai kiran sa da sunansa na yanka, Sai-Na-Duba ake ce masa, har shi ma yana amsawa.

Shagonsa na manne da nawa, ni ina ɗinki shi yana guga, falle ɗaya na katako ne tsakaninmu. A ciki akwai tebur mai shimfiɗe da tsohon bargo, da dutsen guga na gawayi, da na lantarki wanda bai yarda da shi ba, da igiya da ake rataye kayan da aka gama. In ka kawo masa wanki ba za ka tafi ba sai ya zazzage kowane aljihu a gabanka, ya juya shi waje, ya nuna maka. Ko tsinken sakace ya samu sai ya danƙa maka a hannu ya ce, "Ka shaida." Mutane suna tsaki, amma ba wanda ya taɓa canja mai guga, don karin da yake fitarwa a wando sai ka rantse zai yanka yatsa.

Abu ɗaya na san ya ba amana a duniya, waƙa. Tun zamanin kaset yake tarawa. Da kaset ya mutu ya koma waya, yana kai wa masu tura waƙa suna zuba masa, wasu kuma abokan ciniki su tura masa, wasu ni nake sauke masa in ya matsa min. Tsofaffin waƙoƙi ne yawanci, irin waɗanda in sun ɓata ba ka san ƙofar wa za ka buga ba. Wayar 'yar ƙarama ce mai ƙaramin ciki, yana jingine ta a kan kanta cikin wani kofin roba don sautin ya ƙaru. Da kiɗa yake guga. In na ji hannunsa ya yi sauri ta bayan katako, na san wace waƙa ce ke tashi.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, muna ce mata 'Yar Baba. Uwarta ta rasu tana ƙarama, a shagon nan ta girma, ita ke ninke kaya. Sai wata rana, tana budurwa, wani mutum ya dawo yana kumfar baki wai ya bar agogo a aljihun rigarsa. Ranar Yaya ba ya nan lokacin da aka kawo kayan, ita ta karɓa. Abin da Yaya ya yi har gobe in na tuna raina yana ɓaci. A gaban mutumin ya sa ta zazzage jakarta, ya juya aljihun siket ɗinta kamar na wanki. Ba a samu komai ba. Bayan kwana biyu mutumin ya aiko cewa ya ga agogonsa a mota. Na ce, "Yaya, ka ba yarinyar nan haƙuri." Ya ce shi bai ce ta ɗauka ba, dubawa kawai ya yi.

Ba ta sake ninke masa ko hankici ba. Da ta yi aure mijinta ya tafi da ita gari mai nisa, sai zumuncin ya koma ta hannuna. Ni take kira, ni nake faɗa masa ta haihu, ni nake faɗa masa yarinyar ta fara tafiya. Ya ce "Madalla," ya ci gaba da fesa ruwa a riga. Ita ba ta kira shi ba, shi bai kira ta ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Shekaru suka tafi a haka. Ran nan da hantsi na ji kiɗa ya tsaya cak a tsakiyar waƙa, abin da ba ya faruwa sai in lokacin salla ya yi. Sai ga shi a bakin ƙofata da waya a hannu.

"Ke, duba min nan. Wace lamba ce wannan?"

Na duba. Lambar 'Yar Baba ce, a wasap. Ba rubutu, ba gaisuwa, bidiyo ne guda ɗaya. Hoton da ke kansa dishi-dishi, wani abu fari da wani ɗan duhu a gefensa, sai kibiyar saukewa a tsakiya. Murna ta kama ni. Na danna kibiyar, ta yi juyi ɗaya ta tsaya, wayar ta rubuto cewa babu wuri.

"Me ta ce?"

"Ta ce cikinta ya cika, Yaya. Waƙoƙinka sun cinye wurin. Sai an rage wani abu bidiyon zai sauka."

Ya karɓe wayarsa ya share fuskarta da gefen riga. "Jiya ba ta cika ba sai yau?"

"Ta daɗe tana faɗa maka, kai ne ba ka karantawa. Kawo in goge waƙa biyar ko shida, yanzun nan mu gani."

Kallon da ya yi min, ka ce ce masa na yi in yanke masa yatsa. Na ce to bari in share tarkacen da wayar ke tarawa da kanta, wanda ba ya amfanin kowa. Ya ce tarkace a wurina, shi bai san abin da zai bi shara ya tafi ba. Daga nan ya fara lissafo waɗanda yake zargi. Kamfanin waya ne ke cika ta da gangan don a sayi sabuwa. Ko mijin yarinyar ne ya turo wani abu da zai lalata masa waya. Ko ma ba ita ba ce, ɓarayin waya ne suka sa hotonta.

Da ya fita na kira ta. "'Yar Baba, me kika tura wa babanki?"

"Gwaggo, nasa ne. In yana so ya buɗe."

"To turo min ni in nuna masa."

"A'a. Shi na tura wa."

Na ce Allah ya shirye ku, ke da shi.

Ni dai na san maganin abin, don tawa wayar ma ta taɓa cika da hotunan ɗinki. Memori ake saya, ɗan kati kamar farce, a sa a waya a kwashe waƙoƙin a zuba a ciki. Waƙa tana nan, wuri ya samu. Na yi masa bayani har bakina ya bushe. Ya ce abin da bai kai ƙwayar wake ba ne zai ɗauke waƙoƙin da suka cika kwali uku a zamanin kaset? Na ce ita wayar da ta ɗauke su kwali nawa ce? Da alama maganar ta shiga.

A bakin titi akwai mai gyaran waya, mutumin kirki, shi na ce mu je wurinsa. Yaya ya ce a'a, mutumin nan fara'arsa ta yi yawa, kuma duk wanda ke dariya kafin ka yi magana akwai abin da yake ɓoyewa. Na je ni kaɗai na tambaya. Mai gyaran ya ce min abu biyu. Na farko, a kula da memorin bogi, sun cika gari. Na biyu, bidiyon da ba a sauke ba ba ya zaman jiran mutum har abada, in ya daɗe sai dai a sake turowa. Na kawo wa Yaya saƙon duka biyu. Ya ce, "Kin ji ɗan kasuwa. So yake mu yi sauri."

Washegari sai ga shi ya shigo yana wani ƙasaita, ya ajiye min memori a kan keken ɗinki. Wurin wani mai talla a tasha ya saya, mutum mai ɗaure fuska wanda ko gaisuwa bai amsa ba, abin da ya burge Yaya ke nan. A jikin kwalin an rubuta giga ɗari da ashirin da takwas, kuma wai ya fi na shago sauƙi nesa ba kusa ba.

Na juya kwalin. Rubutun ya ɗan karkace, launin ya yi fari-fari. Na ce, "Yaya, araha ba ta ado."

"Ke dai sa."

Na zare allurar keke na tsokani ɗan ramin da ke gefen wayar, tiren ya fito, na kwantar da memorin a gurbinsa kusa da sim, na mayar. Yana tsaye a kaina, numfashinsa a wuyana. Wayar ta tambaya yadda za a yi amfani da katin, na zaɓi na ajiya, wanda ake iya cirewa a sa a wata waya. Na shiga wurin fayil, na buɗe foldar da waƙoƙin suke, na zaɓe su duka. Sai zaɓi biyu suka fito.

"Tsaya. Mene ne wannan, mene ne wancan?"

"Wannan kwashewa ne, su tashi daga waya su koma memori, wuri ya samu nan take. Wannan kuma kwafi ne, a yi musu na biyu a memori, na wayar suna nan sai ka goge da hannunka."

"Yi kwafi."

"Yaya, in na yi kwafi wurin ba zai samu ba yau."

"Sai na duba."

Haushi ya kama ni, amma na yi kwafin. Aka daɗe ana abu ɗaya, layin da ke nuna tafiyar kwafin yana jan ciki, har ya cika. Ya kunna wurin jin waƙa, sai ya ga kowace waƙa ta zama biyu. Nan ma sai da aka yi shari'a, wai na ninka masa kaya don in rikita shi. Na nuna masa yadda zai shiga foldar memori kai tsaye, ya kunna daga can, don ya tabbata ta katin yake ji.

Abin da ban zata ba, ashe dubawar tasa ba ta tsalle ba ce. Ni na ɗauka zai taɓa nan ya taɓa can, ya ji farkon wannan da ƙarshen waccan. Ina! Kowace waƙa sai ya ji ta daga farko har ƙarshe, yana guga yana kasa kunne, kamar yadda yake juya aljihu. Kwanaki suna wucewa. Kullum da safe in ya buɗe shago ina hango shi ta tsagar katako, ya buɗe wasap ya tsura wa hoton nan mai dishi-dishi ido, ya kawo shi kusa ya kai shi nesa, sannan ya rufe ya hura gawayi.

Ana cikin mako na biyu sai kiɗa ya sake tsayawa. Wannan karon bai tsaya a ƙofa ba, har gaban keke ya zo.

"Me kika yi wa waƙoƙina?"

Na karɓa. Sunan waƙa yana nan, ka danna, wayar ta ce ba za ta iya kunnawa ba. Ta gaba ma haka. Ta gaba da ita ta yi wani ƙara kamar an taka kyanwa ta mutu. Daga wurin har ƙasa duk sunaye ne, ba komai a ciki.

"Ba ni ba ce, Yaya, memorinka ne."

"Memori sabo fil? Hannu biyu ne suka taɓa wayar nan, nawa da naki."

Wallahi sai da na ji hawaye ya taho min. Shekara da shekaru ina dafa masa, ina kai saƙo ina kawowa, yau ni ce a gaban teburin bincike. A lokacin na san abin da yarinyar nan ta ji ranar agogo. Na tashi na yafa mayafi na ce, "Taso. Yau sai an duba, tunda dubawa kake so."

Mai gyaran waya ya tarbe mu da fara'ar tasa da Yaya ya tsana. Ya sa katin a kwamfuta ya gwada shi da wata manhaja, muna zaune a benci. Da ya gama ya ce katin ƙarami ne ƙwarai, an yi masa dabara ne yake faɗin girman da ba shi da shi. Yana karɓar kaya har ya cika, bayan nan duk abin da aka zuba sai ya rubuta sunan ya zubar da kayan.

"Baba, Allah ya taimake ka kwafi aka yi," in ji shi. "Da kwashewa aka yi, da fiye da rabin waƙoƙinka sun tafi ke nan."

Yaya ya juyo ya dube ni. Na ɗauka haƙuri zai ba ni. Sai ya ce, "Kin gani? Da na biye miki."

Muka sayi na gaske, mai giga talatin da biyu, ya sa mai gyaran ya gwada shi a gabansa, aka sake kwafi. Mai gyaran ya ce yanzu kam ya goge na wayar hankali kwance. Yaya ya ce sai ya duba. Daga farko.

A hanya na kasa haƙuri. "Yaya, waɗanda ka riga ka ji a sabon katin fa? Ka ji goma yau, ka goge goma, bidiyon ya sauka."

"In an gama gaba ɗaya."

"Ba waƙa kake dubawa ba. Tsoro kake ji. Kana tsoron ka buɗe ka ji ta faɗa maka abin da ka san gaskiya ne."

Ya tsaya a gefen kwata, ya gyara hularsa. Na jira ya yi min faɗa. Bai yi ba, ya ce gawayinsa na ci a banza, ya wuce.

Haka muka ƙara wasu makonni. Na daina yi masa maganar, shi ma ya daina shigowa. Kiɗa dai na tashi ta bayan katako, amma hannunsa ba ya bin sa, guga yake kamar mai jan kaya. Wata ya wuce da 'yan kwanaki. Rannan bayan azahar ya leƙo ya ce, "An gama. Duk suna nan. Zo ki goge."

Na goge na cikin wayar yana kallo. Na nuna masa wurin da ya samu, fili fetal. Ya kunna waƙa ɗaya daga memori don ya tabbata, ta tashi lafiya, ya kashe. Sannan ya buɗe wasap da kansa, ya goge yatsa a riga, ya danna kibiyar.

Ta yi juyi, ta yi juyi, sai rubutu ya fito.

"Me ta ce?"

Na karanta sau biyu kafin in faɗa. "Ta ce bidiyon ba ya nan. Wai ka roƙi wanda ya turo ya sake turowa."

Ya sake dannawa. Ya kashe data ya kunna. Ya fita waje ya ɗaga wayar sama ya dawo. Ina jira in ji wa zai ɗora wa, kamfani ko mai gyara ko ni. Sai ya zauna a kan buhun gawayi, wurin da bai taɓa zama ba saboda fararen kaya. Tausayinsa ya kama ni, duk da haushin da nake ji.

"Kira ta ki ce ta sake," ya ce a hankali.

"Ba zan kira ba. Ba ni aka ce in roƙa ba."

Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya ce in nuna masa inda ake danna a yi magana. Na nuna masa, na ce ya riƙe kar ya saki sai ya gama. Na juya zan fita, ya ce in tsaya in shaida.

"'Yar Baba, ni ne." Ya yi gyaran murya. "Abin da kika turo ya lalace a hannuna. Ni na jinkirta. Ba laifinki ba ne." Yatsan na kan wurin, bai saki ba. "Wancan ma ba laifinki ba ne. Ki sake turowa."

Ya saki, saƙon ya tafi. Ya ajiye wayar a cikin kofin roba, ya ɗauki wata riga ya shimfiɗa, ya ɗaga dutsen guga ya mayar bai taɓa rigar ba. Ni ma ban koma keke ba. Muna nan har inuwa ta kai bakin ƙofa, sai wayar ta yi ƙara.

Bidiyon ya sauka kafin ya gama gyara zama. Abu farin nan ashe rigar mijinta ce a rataye a jikin kujera. Ɗan duhun kuma jikarsa ce, 'yar mitsitsiya, ta yi ɗage ta zura hannu a aljihu, ta juyo shi waje, ta leƙa, ta koma ɗayan. Ta samu murfin biro ta kawo wa mai ɗaukar hoton da fuska a murtuke. Sai muryar 'Yar Baba tana dariya: "Baba, ka ga abin da ka jawo mana. Ba wanda ya koya mata."

Ya kalla har ƙarshe, ya mayar farko. A karo na uku ya juya min baya, wai hayaƙin gawayi ne ya shiga masa ido, alhali wutar ta daɗe da mutuwa.

"Wannan," ya ce, bai juyo ba, "a ina za a ajiye shi da ba zai ɓata ba?"

"A memori."

"Sa shi a can. Ki bar na wayar ma."

Na yi kwafi na miƙa masa. Bai duba ba, ya danna lambarta ya kai wayar kunne.